Bugu 172 a sanyin asuba

A wata safiya ta tsakiyar Janairu, hazo ya lulluɓe Kano har ba a hango fitilun ƙarshen titi, wani akanta ɗan shekara 42 ya fito sassarfa bayan sallar asuba. Wata uku ke nan da likita ya shaida masa yana da hawan jini, ya rubuta masa magani, ya kuma umurce shi da motsa jiki, da sharaɗin kada ya tsananta wa kansa. Sun yi da likitan cewa zai riƙe bugun zuciyarsa ƙasa da 140 a minti. Don haka ne ma ya sayi agogon hannu irin wanda ke ƙirga bugun zuciya. Bai kai minti biyar da fara sassarfa ba agogon ya girgiza masa hannu. Da ya duba sai ya ga 172.

Ya san lissafin nan da ake yi na cire shekarun mutum daga 220 don a kimanta iyakar bugun zuciyarsa. Nasa ya kama 178 ke nan. Agogon na gaya masa saura bugu shida zuciyarsa ta kai maƙura, alhali numfashinsa bai ko sauya ba, kuma da akwai abokin tafiya da sun ci gaba da hira. Ya tsaya cak a bakin hanya. Cikin 'yan daƙiƙoƙi lambar ta faɗo zuwa 118. Ya koma gida da tafiyar ƙasaita, gabansa na faɗuwa, kuma sati guda bai sake fita ba.

Abin da ya firgita shi ba daga zuciyarsa ya fito ba. Kafin a gane haka sai an juya agogon an dubi bayansa.

A can baya akwai 'yan ƙananan fitilu masu ba da koren haske, kusa da su kuma akwai wani ɗan ido wanda aikinsa auna yawan hasken da ya same shi. Agogon ba ya jin zuciya, ba ya kuma taɓa ta. Haske yake cusawa cikin fata, sannan ya auna wanda ya dawo. Jini ja ne saboda sinadarin himoglobin da ke cikinsa yana shanye koren haske ya mayar da ja. Duk sa'ad da zuciya ta matse ta tura jini, ƙananan hanyoyin jini da ke ƙarƙashin fata sukan ɗan cika, sai su shanye haske fiye da da, wanda ke komawa ga idon ya ragu. Da zuciya ta saki, jinin ya ɗan janye, hasken ya ƙaru. Fitilun na walƙiya sau da yawa a kowace daƙiƙa, agogon na rubuta hawa da saukar hasken, daga nan ya ƙirga sau nawa abin ke maimaituwa a minti. Dabarar ba sabuwa ba ce. Alrick Hertzman, masanin aikin gaɓoɓin jiki a Jami'ar St. Louis ta Amurka, ya bayyana ta tun ƙarshen shekarun 1930, kuma masana na taƙaita sunanta da PPG. Ɗan abin nan da ake maƙala wa maras lafiya a yatsa a asibiti ɗan gidansu ne, sai dai shi da jan haske da wani hasken da ido ba ya gani yake aiki, kuma ratsa yatsan yake yi daga wannan gefe zuwa wancan.

Duk matsalar tana cikin ƙanƙantar abin da ake nema. Mafi yawan hasken da ke komawa ga idon agogo bai da alaƙa da bugun zuciya. Daga fata yake dawowa, da kitse, da nama, da jinin da ke kwance cikin jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya. Ɓangaren da ke hawa da sauka tare da bugu, a tsintsiyar hannu, sau da yawa ba ya wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na duka hasken, wani lokacin ma bai kai ba. Kamar a ce mutum ya tsaya bakin cikakkiyar randa yana ƙoƙarin gane ɗigon da ke faɗawa ciki ta hanyar kallon tsayin ruwan. Idan randar na zaune lafiya, mai kaifin ido zai iya. Idan wani ya bangaje ta, ruwan zai yi ta kai-kawo, ɗigon ya ɓace a cikin tangal-tangal.

Bayan tsintsiyar hannu kuwa, a gaskiya, ba wurin kirki ba ne ga wannan aiki. Ƙashi ne da jijiyoyi masu tauri, ga gashi, kuma hanyoyin jinin fatar wurin ba su kai na kan yatsa ko na leɓatun kunne yawa ba. An zaɓi wurin ne kawai don nan mutane suka saba ɗaura agogo. An zaɓi kore kuma don jini na shanye shi sosai, ga shi ba ya nitsawa can ciki, bai fi kamar milimita ɗaya ba, saboda haka motsin naman da ke ƙasa ba ya dagula shi kamar yadda yake dagula jan haske. Wannan rashin nitso da ke taimakon agogo a lokacin motsi shi ne ke kayar da shi a lokacin sanyi.

Fata ita ce tagar da jiki ke fitar da zafi. A yanayi madaidaici, jinin da ke bi ta fatar mutum gaba ɗaya kusan rubu'in lita ne a minti. In zafi ya tsananta yakan haura lita bakwai. In sanyi ya kama, jiki kan tsuke ƙananan hanyoyin jinin fata, musamman na hannuwa da ƙafafu, har abin da ke bi ta cikinsu ya kusa tsayawa, don a tattala ɗumi ga zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa. Hasken da iyakarsa milimita ɗaya sai ya tarar da wurin kusan fayau. Zuciya na bugawa yadda ta saba, amma alamar bugun ba ta isowa saman fata da ƙarfi.

Akantan nan ya haɗa wa agogonsa abubuwa uku a safiyar. Da asubahin hunturu a Kano sanyi kan sauko kusa da digiri 12, wani lokacin ƙasa da haka. Ya yi alwala da ruwan da ya kwana a waje, ya wanke hannu har gwiwa, iskar hunturu ta busar da shi, ta ƙara tafiya da sauran ɗumin fatar. Sannan da ya cire agogon don alwala, ya mayar da shi cikin gaggawa, sako-sako, daidai kan ƙashin nan da ya turo a gefen tsintsiyar hannu. Ga alamar bugu ta yi rauni, ga agogo na rawa.

Amma me ya sa 172? Me ya hana ya nuna 60, ko ya ƙi nuna komai? A nan ne lissafin cikin agogon ke shigowa. Manhajar ba ta ƙirga bugu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mutum ke yi da yatsa. Takan ɗebi rikodin hasken na 'yan daƙiƙoƙi ta nemi abin da ke maimaituwa a kan kari, tsakanin kamar sau 30 zuwa 210 a minti, ta ce wannan shi ne zuciya. Mai sassarfa kuwa yana da wani karin daban a jikinsa. Duk sa'ad da ƙafarsa ta dira ƙasa, girgizar takan bi jiki har hannu, agogon ya ɗan motsa a kan fata, jinin da ke cikin hannun ma ya yi tsalle. Mutum mai gajeren taku yakan dira ƙafa sau 160 zuwa 180 a minti, wanda ya faɗa tsakiyar inda ake neman zuciya. Masu ƙera agogon sun san da wannan, shi ya sa suke sa masa wata na'urar auna motsi, don manhajar ta gane karin taku ta cire shi daga rikodin hasken. Dabarar na aiki matuƙar akwai alamar bugu mai ƙarfi da za ta rage bayan cirewar. In sanyi ya raunana ta, abin da ya fi fitowa fili shi ne takun, sai manhajar ta maƙale masa. Abin da mutumin ya gani a fuskar agogonsa adadin takunsa ne a minti. Da ya tsaya, takun ya ɗauke, manhajar ta lalubo zuciyar inda take tun farko, wajejen 118.

Akwai hanyoyin gane wannan ba tare da wata na'ura ba. Zuciyar mai lafiya a lokacin motsa jiki hawa take yi sannu a hankali, cikin minti ɗaya ko biyu, haka ma saukarta. Ba ta tashi daga 120 zuwa 170 cikin daƙiƙa uku alhali gudun bai sauya ba. Sannan lambar da ta maƙale wa taku takan zauna shiru wuri ɗaya, 170, 172, 171, ko ana hawan tudu ko ana gangara, in kuma mai gudun ya rage saurin takunsa da gangan sai ta bi shi nan take. Agogo da yawa na ajiye adadin taku tare da na bugu, kuma in aka ɗora zanen biyun aka ga sun kwanta kan juna kamar layi ɗaya, magana ta ƙare. Mafi sauƙi duka shi ne a tsaya, a sa yatsu biyu a cikin tsintsiyar hannu ta ɓangaren babban yatsa, a ƙirga bugu na daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu. Wanda ya ƙirga 30 zuciyarsa na kan 120, komai agogo ya ce.

Sai dai akwai inda ya wajaba a yi hattara, domin ba kowane tsalle ne ƙarya ba. Akwai cututtukan karin zuciya da alamarsu ke nan: bugu ya tashi farat ɗaya zuwa 160 ko 200, ya jima, sannan ya sauka farat ɗaya. A zanen agogo wannan da maƙale wa taku kusan kamarsu ɗaya. Abin da ke raba su shi ne abin da yatsa ya ji da abin da jiki ya ji. In mutum ya tsaya amma lambar ta ƙi sauka, ya taɓa ya ji bugun na gudu da gaske ko yana harɗewa, ko kuwa akwai jiri, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko suma, to zancen ya bar hannun agogo ya koma asibiti, inda za a yi gwajin ECG wanda ke karanta wutar zuciya kai tsaye. Mai hawan jini da ya ga irin wannan lamba bai yi laifi ba da ya tsaya. Inda akantan ya yi kuskure shi ne barin motsa jikin baki ɗaya ba tare da ya taɓa hannunsa ya ƙirga ba, domin zaman da ya koma yi ya fi sassarfar haɗari ga mai irin ciwonsa.

Da ya koma wurin likita ya nuna masa zanen a waya, likitan ya tambaye shi ko ya ji wani abu a ƙirjinsa. Ya ce ko kaɗan. Aka yi masa ECG, ba a ga komai ba. “Malam, ka koma bakin sassarfarka,” in ji likitan. “In ya sake yi maka haka, ka tsaya ka ƙirga da hannunka, ka rubuta abin da ka samu ka kawo mini.”

Bayan 'yan makonni ya ƙara da ɗaga ƙarfe sau biyu a mako, sai agogon ya ɓullo da sabon hali, kishiyar na farko. Yana tsaka da ɗaga ƙarfe daga ƙasa, jijiyoyin wuyansa sun fito, yana jin zuciyarsa har cikin kunne, agogon na nuna 95. Sai ya ajiye, ya zauna yana haki, bayan kamar daƙiƙa 20 lambar ta yi tsalle zuwa 141. Wani zubin kuma ta ɓace gaba ɗaya.

Wannan ya fi na sanyi wuyar sha'ani, domin dalilansa sun taru ne wuri ɗaya. Tsokokin da ke murɗe yatsu ba a tafin hannu suke ba, a sangalin hannu suke, kuma jijiyoyinsu masu tauri ta tsintsiyar hannu suke wucewa, daidai ƙarƙashin madaurin agogon. Da mutum ya damƙi ƙarfe, sangalin ya kumbura, jijiyoyin su miƙe, madaurin agogon ya ƙara matsewa, fatar da ke ƙarƙashin idon ta danne. Kowa ya san yadda farce ke yin fari in an danna shi, jinin ne ke gudu daga wurin. Haka ke faruwa ƙarƙashin agogon a kowace damƙa, in an saki kuma jinin ya komo da yawa. In motsin na buƙatar lanƙwasa hannu baya, kamar mai tura ƙarfe sama yana kwance, bayan hannun kan ture gefen agogon ya ɗaga shi, hasken ɗaki ya kutsa. In an ɗaga hannu sama da kai jinin jijiyoyi ya tsiyaye, in an sauke ya taru. Kowane ɗaya cikin waɗannan na iya sauya hasken da ke dawowa fiye da yadda bugun zuciya ke sauya shi, ninkin ba ninkin.

Abin da ya fi muni shi ne na'urar auna motsi ba ta ganin yawancinsu. A wajen mai gudu, hannu na lilo a kan kari, na'urar ta ji, manhaja ta san abin da za ta cire. Mai riƙe da kilo 60 a tsaye kuwa hannunsa kusan ba ya motsi. Hargitsin duk a cikin nama yake faruwa, saboda haka manhajar na ganin rikodin haske a dagule ba ta da wani ma'auni da za ta gyara shi da shi. Abin da aka koya mata ta yi a irin wannan hali shi ne ta riƙe lambar ƙarshe da ta amince da ita, ta ƙi yarda da sauyi mai girma sai ya tabbata na 'yan daƙiƙoƙi. Zagaye ɗaya na ɗaga ƙarfe bai fi daƙiƙa 30 ko 40 ba. Kafin ta gama tantancewa an ajiye ƙarfen. Lambar 95 ragowar lokacin hutu ce, 141 kuma gaskiya ce da ta iso a makare. Daga nan ne ma kimar kuzarin da agogo ke cewa an ƙona a ɗaga ƙarfe ke zama abin da ba a gina komai a kansa.

Wani ɓangare na tsallen kuma na jiki ne da gaske. Mai ɗaga nauyi yakan riƙe numfashi ya yi yunƙuri, ko da saninsa ko babu. Wannan na ƙara matsi a cikin ƙirji, ya rage jinin da ke komawa zuciya, sai kowane bugu ya fitar da jini kaɗan, alamar da ke isa fata ta ƙara rauni, zuciyar kuma ta ƙara sauri don cike giɓin. Da an saki numfashi jini ya kwararo, zuciya ta tura da ƙarfi, sannan jiki ya taka mata birki. Cikin rabin minti bugun na iya hawa ya sauka da gaske. Ga mai hawan jini, abin lura a nan ba ya fitowa a fuskar agogo sam. A wani bincike na 1985 da MacDougall da abokan aikinsa suka yi a Kanada, inda suka auna matsin jini daga cikin jijiya kai tsaye, ƙwararrun masu ɗaga ƙarfe sun kai matsakaicin 320 bisa 250 a lokacin tura nauyi da ƙafa biyu, ɗaya daga cikinsu ma ya haura 480 bisa 350. Waɗannan mutane ne masu ɗaga iyakar ƙarfinsu, kuma matsin na 'yan daƙiƙoƙi ne, amma ya isa ya nuna cewa agogo na iya nuna 95 cikin natsuwa alhali jijiyoyi na ɗauke da babban kaya. Shi ya sa ake gaya wa masu hawan jini su zaɓi nauyi madaidaici, su riƙa fitar da numfashi a lokacin yunƙuri.

Mai duhun fata zai so ya san ko launinsa na da hannu a ciki. Sinadarin melanin da ke ba fata duhu yana shanye koren haske, saboda haka wanda ke dawowa ga idon yakan ragu, agogo da yawa kuma kan rama ta hanyar ƙara wa fitilunsu ƙarfi. Wani bincike na Jami'ar Stanford a 2017 ya ga kuskure ya fi yawa ga masu duhun fata. Wani na Jami'ar Duke a 2020, a kan mutum 53 masu launi daban-daban, bai ga bambancin a zo a gani ba, amma ya ga kuskuren lokacin motsi ya fi na lokacin hutu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Abin da hankali zai ɗauka shi ne motsi da sanyi da ɗaurin agogo sun fi launi tasiri, ko da yake wanda alamarsa ta fara da rauni zai fi saurin rasa ta in sauran suka taru. Zanen tawada a fata kuwa, kamfanonin da kansu sun yarda yana tare hasken.

Gyaran da akantan ya yi bai ci masa ko kwabo ba da farko. Ya mayar da agogon sama, kamar faɗin yatsu biyu daga ƙashin tsintsiya, inda nama ya fi kauri kuma lanƙwasar hannu ba ta kai wa, ya ɗaure shi yadda ba zai zame ba in ya girgiza hannu, ba kuma har ya bar sawu mai zurfi a fata ba, domin matsewa fiye da kima ma korar jinin take yi. Da asuba yana sa riga mai dogon hannu ta rufe agogon, ya fara da tafiya ta minti goma har jiki ya ɗumama hanyoyin jinin fata su buɗe, kuma ya daina ɗaukar lambobin mintunan farko da muhimmanci. Tsallen 172 bai sake dawowa ba sai sau ɗaya, ranar da ya fita da riga mai gajeren hannu. Ya tsaya ya ƙirga 31 a daƙiƙa 15.

Na ɗaga ƙarfe kuwa bai gyaru da wannan ba, don ba a raba damƙa da tsintsiyar hannu. Akwai irin wannan ido da ake ɗaurawa a damtse, sama da gwiwar hannu, inda nama ke da yawa kuma damƙa ba ta cika dagula shi ba. Akwai kuma madaurin ƙirji, irin wanda kamfanin Polar na ƙasar Finland ya fara fitarwa maras waya a 1982, wanda ba ruwansa da haske, wutar da zuciya ke fitarwa a kowane bugu yake ji, don haka tsukewar jijiyoyin fata ba ta shafe shi ba. Shi ya saya. Ranar farko da ya ɗaura shi da sanyin safiya, kafin ya yi taku ashirin, wayarsa ta nuna 205. Madaurin na buƙatar danshi tsakaninsa da fata kafin wuta ta ratsa, fatar hunturu kuwa a bushe take ƙamas, ga rigar leda da ke tara tartsatsin wuta in tana gogar jiki a busasshiyar iska. Wani matashi da ke koyar da ɗaga ƙarfe a wurin da yake zuwa ne ya warware masa: “Yallaɓai, ka jiƙa bayan madaurin da ruwa kafin ka ɗaura.” Ya jiƙa, lambar ta zauna a 104.